Kwamitin gina rumbun albasa: a saka mai yawan suka ko a bar shi a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman albasa a kusa da Marwa, a arewacin Kamaru. Mun samu tallafin gina rumbun ajiya, an ce mu fitar da mutum shida su riƙe aikin. Jama'a sun ce Alhajin da ya ba da fili ya shugabanta, sauran kuma a ɗebo masu zafin nama. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ba ya barin magana ta wuce bai tona ta ba, an ce kada a sa shi don zai ja mu baya. Yaya ake haɗa irin wannan kwamiti ya daidaita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam sakatare. Ra'ayina shi ne ku saka malamin nan, amma bayan kun auna shi, kuma ku yanka masa lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru. In kuka cika kwamitin da masu zafin nama kaɗai, za ku gama gini da wuri, sai dai babu wanda zai tsaya ya tambaya ko ginin da ake yi shi ne wanda albasa ke bukata.

An daɗe da nazarin wannan al'amari. Wani masani ɗan Ingila, Meredith Belbin, ya shafe shekaru a kwalejin horar da manajoji ta Henley yana haɗa mutane rukuni-rukuni, yana ba su gasar tafiyar da kamfani, yana kallon wanda ke nasara. Ya fitar da sakamakonsa a 1981. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne rukunin da ya cika da mafiya kaifin ƙwaƙwalwa sau da yawa a baya suke ƙarewa, domin kowa na neman kuskuren ɗan'uwansa, gardama ta cinye lokaci. Waɗanda suka fi cin nasara su ne masu halaye daban-daban. Da farko ya lissafa rawa takwas da mutum kan taka a cikin tawaga, daga baya ya ƙara ta tara. Ba lallai sai an samu mutum tara ba, mutum ɗaya kan ɗauki biyu ko uku, saboda haka shida ɗinku sun isa. Kuma ku sani manajojin Ingila ya nazarta, ba manoman Marwa ba, don haka ku ɗauki tsarinsa a matsayin abin taimaka wa ido, kada ku mai da shi doka.

Uku daga cikin rawar nan tara ne suka fi shafar ku. Akwai mai haɗa kan jama'a, wanda ke tuna wa kowa inda aka dosa, ya jawo mai shiru ya yi magana, ya rufe taro da cewa wane zai yi kaza kafin rana kaza. Akwai mai aiwatarwa, wanda da an yanke shawara zai mai da ita jerin aiki: buhun siminti nawa, wace mota za ta ɗauko yashi, yaushe magini zai zo. Sai mai tankaɗe da rairaya, wanda ke jin shiri ya ce a dakata, wannan lissafin bai fita ba. Waɗannan halaye ne, ba muƙamai ba ne. Kuna iya rubuta wa mutum "shugaba" a takarda, amma takarda ba ta koya masa sauraro. Hanyar gane su ita ce ku tuna aikin da kuka taɓa yi tare, kamar sayen taki ko gyaran injin ban ruwa. Wa ya sasanta mutane da aka yi saɓani? Wa ya tashi ya je kasuwa ba tare da an tura shi sau biyu ba? Wa ya ce kuɗin ba za su kai ba, kuma daga baya maganarsa ta tabbata?

Game da Alhaji, tambaya ɗaya ce: in yana zaune, matasa kan iya cewa ba su yarda ba? In ya saba jin kowa kafin ya faɗi nasa, to kun dace, shi ne mai haɗa kanku. In kuwa da ya buɗe baki magana ta ƙare, ba don mugunta ba sai don nauyinsa da ake ji, ku ba shi matsayin uban kwamiti. Shi zai shige muku gaba wajen lawan da lamiɗo da masu tallafi, aikin da babu wanda zai iya kamarsa, a bar wa wani jan ragamar taron mako-mako. Wannan ba rage masa girma ba ne, kuma in dattawa biyu suka je gida suka yi masa bayani kafin a faɗa a bainar jama'a, da wuya ya ƙi.

Yanzu malamin makaranta. Ba duk mai suka ne mai tankaɗe da rairaya ba. Wanda Belbin ya siffanta mutum ne mai sanyi, mai jinkirin yanke hukunci, wanda ba ya ɗaukar zafi. Aibinsa shi ne yakan kashe wa mutane gwiwa, kuma ba ya iya zaburar da kowa. Ku auna naku da abin da kuka sani game da shi. Shiri yake suka, ko mutane? In ya ce abu ba zai yiwu ba, yakan kawo dalili da lissafi? In aka ba shi amsa mai gamsarwa, yakan ce na yarda? Yakan tona shawarar abokinsa kamar yadda yake tona ta wanda ba sa shiri? Kuma a cikin taro yake faɗa, ko sai an watse ya je majalisa? In ya tsallake yawancin waɗannan, kun samu mutumin da ƙungiyoyi da yawa ke nema ba su samu ba. In kuwa tsohuwar ƙullalliya ce ke cinsa, ku nemi wani, sau da yawa cikin masu shiru ake samunsa.

Wasu kan ce a bar shi a waje, sai a naɗa wani cikin masu biyayya ya riƙa yin suka da gangan. Ban ba ku wannan shawara ba. Binciken Charlan Nemeth ta jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda ya fito a 2001, ya nuna cewa mai saɓani na gaskiya ya fi sa mutane sake tunani a kan wanda aka ɗora wa saɓanin a matsayin aiki. Dalilin a fili yake: kowa ya san na biyun wasa yake, ana jin sa a wuce.

Bari mu ɗauki aikinku mu bi shi. Mu ƙaddara kun fara a Disamba, kuna son rumbu ya tsaya kafin cirar albasa ta kankama wajen Maris. Masu aiwatarwa za su kawo shirin da suka saba da shi: bangon bulo har sama, rufin kwano, ƙofar ƙarfe ɗaya saboda ɓarayi. Shiri ne mai kyau ga siminti ko gero. Mai tankaɗe zai tambaya ta ina iska za ta shiga ta fita, tunda a Maris da Afrilu zafin Marwa kan haura digiri 40, kuma albasar da aka jibge a ƙasa cikin ɗaki rufaffe ruɓewa take. Daga wannan tambaya kaɗai zanen zai sauya: a bar kafofin iska sama da ƙasa a sa musu raga, a yi kantocin ajiya da suka ɗaga daga ƙasa, a sa zana ko ciyawa ƙarƙashin kwano, a keɓe inuwar da albasa za ta sha iska wuyanta ya bushe kafin a shigar da ita. Zai kuma tambayi lokaci: in kashi na biyu na kuɗin tallafi ya makara wata biyu, gini ya kai Mayu, albasar wa za a zuba, alhali yawancin mambobi sun riga sun sayar don biyan bashin taki da mai? Amsar wannan ita ce a fara gama ɓangare guda da za a iya amfani da shi, a kuma tara yashi daga kogi tun yana bushe. Tambaya ta uku ita ce wadda kunya ke hana kowa yi: in buhu ɗari biyu na mutum ashirin suka shiga, wasu suka ruɓe, asarar ta wa ce? Gara a rubuta wannan tun babu albasar kowa a ciki.

Dubi lokacin da waɗannan tambayoyi ke da amfani. Kafin a haƙa tushe, sauya zane bai wuce takarda da zama ɗaya ba. Bayan bango ya kai linta, sai an fasa. Saboda haka ku ba wa mai tankaɗe filinsa a wurare uku: kafin a amince da zane da kasafi, kafin a biya duk wani babban kuɗi, da kuma ranar karɓar aiki daga magini. A tsakanin waɗannan, filin na masu aiwatarwa ne. Abin da aka yanke aka rubuta ba a sake buɗe shi sai in sabon bayani ya zo, kamar tashin farashin siminti ko tsagewar bango. Ku faɗa masa wannan sharaɗi tun ranar farko, kuma aikin mai jan taro ne ya tsare shi ta ɓangarori biyu: ya hana a toshe wa malamin baki a lokacinsa, ya hana shi dawo da magana bayan lokacin ya wuce.

Don kada nauyin suka ya zauna a kansa shi kaɗai har a tsane shi, akwai dabarar da Gary Klein ya bayyana a 2007. Kafin a sa hannu kan shiri, mai jan taro ya ce: mu ƙaddara damina ta wuce, rumbun nan bai yi amfani ba, kowa ya kawo dalili ɗaya da ya jawo haka. A fara daga ƙaramin cikinku, Alhaji ya zo ƙarshe. Yaron da ba zai iya cewa shirin dattijo da gyara ba zai iya amsa wannan ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba.

Kujeru shidan, da ni ne, ga yadda zan raba su: mai jan taro ɗaya, masu aiwatarwa biyu (ɗaya a wurin gini, ɗaya a sayayya), mai tankaɗe ɗaya, wanda ya san ajiyar albasa da hannunsa, sai kai mai rubutu da bin diddigin rasit da rahoton Faransanci na masu tallafi. In akwai mata cikin masu zuba albasa ko masu tsince ta, kujerar sanin ajiya tasu ce, don su suka fi sanin wadda za ta jure. Abu biyu kada ku haɗa wa mutum ɗaya: mai sayayya kada ya zama mai duba lissafin sayayya, mai jan taro kuma kada ya zama babban mai suka, domin da ya soki shawara sauran za su ɗauka hukunci ne.

Bayan zama uku, buɗe littafin taronku ka duba. In duk shawara cikin minti goma take wucewa babu wanda ya ce uffan, an danne mai tankaɗe. In magana ɗaya ta dawo karo na uku, suka ta yi yawa kuma mai jan taro ba ya rufewa. In kuwa an yi zama mai daɗi amma babu suna da rana a gaban kowane aiki, masu aiwatarwa ne ba a ba su wuƙa da nama ba, sai ku raba ayyukan da sunaye tun kafin a tashi daga zama na huɗu.