Yadda ake rubuta tallan aiken kuɗi da iyalin ɗan ci-rani za su yarda da shi

Tambaya: Ina wakiltar wani kamfanin aiken kuɗi a Kano, kuma yawancin masu karɓa a wurinmu iyalan mutanen da ke aiki a Saudiyya ne. An ce in rubuta tallan rediyo da na takarda. Na rubuta "cikin ƙiftawar ido, farashi mafi rahusa", amma ban ga ya ja kowa ba. Me ya kamata in ce?

Amsa: Malam, uwar da ke jiran kuɗin ɗanta daga Jidda tambaya biyu ce a ranta: nawa zai shigo hannuna, kuma yaushe? Tallan da bai amsa su da lamba ba, ta ji irinsa sau ɗari, har daga bakin wanda ya taɓa riƙe mata kuɗi mako guda. Don haka ka ajiye kirari, ka ɗauko lissafi.

Mu fara da farashi, domin a nan ake yawan yaudara, wani lokaci ma ba da niyya ba. Abin da ake cira daga kuɗin mai aike kashi biyu ne. Akwai la'adar da ake rubutawa a rasit, kowa yana ganinta. Akwai kuma ratar da ke tsakanin canjin kasuwa da canjin da kamfani ya ba shi, wadda ba ta fitowa a ko'ina. Bankin Duniya ma idan yana auna tsadar aike, haɗa biyun yake yi, kuma burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne jimillar ta sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari kafin 2030.

Ga misali, da farashin da na ƙaddara don lissafi kawai. A ce riyal ɗaya naira 400 ne a kasuwa, yaro ya kawo riyal 500, wato naira 200,000. Kamfani na farko ya ce "ba ma karɓar la'ada", amma ya canza masa a kan 380. Uwa za ta karɓi 190,000. Na biyu ya cire riyal 15 na la'ada, ya canza sauran 485 a kan 396, uwa ta karɓi 192,060. Ka ga mai cewa kyauta ne ya ci 10,000, mai karɓar la'ada ya ci 7,940. Iyali ba sa buƙatar sanin sunan wannan rata kafin su gano ta. Maƙwabciya ta faɗi abin da ta samu a kan riyal 500, an gama.

Saboda haka jimlar da ta fi kowace ƙarfi a tallanka ita ce mai wannan siffa: an ba da kaza can, za a karɓi kaza nan. Sai dai canji yana motsi, takarda kuwa ba ta motsi. Kada ka buga farashin yau a takardar da za ta yi wata uku a bango. A takarda da rediyo ka yi alkawarin tsari: mai aike zai ga adadin nairar kafin ya biya, kuma adadin ba zai canza bayan ya biya ba. Farashin kansa ka bar shi ga allon shago da saƙon waya, tare da kwanan wata da lokaci. Kafin ka rubuta cewa ba ya canzawa, ka tambayi kamfaninku ko da gaske suna kulle farashin a lokacin biya, domin wasu sai lokacin fitar da kuɗin suke lissafi. "Mafi rahusa" kuwa ka bar shi gaba ɗaya, sai in kana duba na abokan hamayya kullum safe. Kuma ka guji kalmar "ruwa" wajen bayanin caji. La'ada ce, ko kuɗin aike. Da zarar dattijo ya ji "kuɗin ruwa", hankalinsa ya tafi ga riba.

Sai maganar sauri. Ɗauko rajistar aike ɗari na baya-bayan nan, ka rubuta mintunan da kowanne ya ɗauka daga biya zuwa shigar kuɗi, ka jera su daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri. Lokacin da ke kan na casa'in shi ne abin da za ka iya faɗa da bakinka. Idan na farko minti 2 ne, na casa'in minti 40, to "yawanci cikin awa ɗaya" za ka rubuta, ba "minti biyu" ba. Wanda aka ce wa awa ɗaya ya samu cikin minti goma zai yi maka talla a gidan suna. Wadda aka ce wa ƙiftawar ido ta yini a benci, ita ma za ta ba da labari.

Goman da suka rage su ne ya kamata ka duba sosai, don dalilansu kan maimaitu. Na gaba-gaba shi ne suna. Yaro ya rubuta sunan da ake kiran mahaifiyarsa da shi a gida, ko ya rubuta Hauwa alhali a banki Hauwa'u ce da sunan mahaifi, sai na'ura ta tsayar da kuɗin har a tantance. Sai ƙaramin asusu mai iyaka, wanda kuɗi mai yawa ba ya shiga sai an ɗaga matsayinsa. Sai ranakun hutu: Saudiyya Juma'a da Asabar take hutawa, bankunanmu Asabar da Lahadi, don haka matsalar da ta taso ranar Alhamis da dare, in tana buƙatar hannun ma'aikaci a ɓangarorin biyu, tana iya kaiwa Litinin. Ga kuma jajibirin Sallah, lokacin da kowa ke aikowa, tsabar kuɗi ta ƙare a hannun wakili. Jimla ɗaya a talla tana rage yawancin wannan: a aiko da sunan da ke kan asusu, harafi da harafi.

Akwai abin da doka ta ƙayyade, kada tallanka ya wuce shi. Ka'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a Janairun 2024 ta ce a biya mai karɓa da naira, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 ta asusu za a biya shi. Kada ka ce wa iyali za su karɓi riyal ko dala a hannu. Talla kuma sai hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa ta tantance shi kafin ya fita.

Ga yadda zan rubuta na rediyo, ka gyara lokacin daidai da rajistarka:

"Hajiya, kafin ɗanki ya miƙa riyal ɗinsa a Jidda, zai ga nairar da za ta shigo asusunki, mu ma za mu turo miki adadin ta waya. Abin da kika gani shi za ki samu, ba ma cire komai a nan. Yawanci yana shiga cikin awa ɗaya. In ya wuce haka, ki kira mu, da Hausa za a amsa miki, a gaya miki inda ya tsaya. Ki tuna masa ya rubuta sunanki yadda yake a banki."

Lura da "ba ma cire komai a nan". Idan Hajiya za ta je wurin mai na'urar cire kuɗi a bakin titi, shi zai cire nasa, kuma a idonta ku ne kuka rage mata. Ko dai ka faɗi cewa a shagonku ake cira ba caji, in haka ne, ko ka ƙara cewa cajin mai na'ura daban yake. Layin wayar da ka sa kuma ka kira shi da kanka ranar Juma'a bayan la'asar, ka ji ko akwai mai ɗauka, kafin ka kai tallan gidan rediyo.