Me ya sa suka farfasa gogen?

"Maigida, kullum kana ce mana in za mu zana abu mu tsaya wuri guda, mu rufe ido ɗaya, mu auna da fensir. To ga shi na ga zanen Picasso da Braque a waya, wanda ake kira Kubizim, sun ɗauki goge sun yi masa kaca-kaca, gaba da gefe duk a cakuɗe. Rashin iyawa ne ko da gangan suka yi?"

Da gangan ne, yaro. Picasso tun bai kai shekara ashirin ba yake zana mutum kamar ya yi magana. Shi kuwa Braque ɗan gidan sana'a ne irinmu, mahaifinsa da kakansa duk masu fentin gidaje ne, kuma ya koyi yadda ake shafa fenti a bango ya fito kamar katako ko dutsen marmara. Abin da suka yi wa tawaye shi ne ainihin wannan ƙa'ida da nake ɗora ku a kai.

Ita ma ƙa'idar ƙirƙirarta aka yi. A farkon ƙarni na 15, a birnin Florence na Italiya, wani magini mai suna Brunelleschi ya zana ginin baftisma na garin a kan ɗan allo, ya huda allon. Mai kallo zai sa ido a hujin ta bayan allon, ya riƙe madubi a gaba, sai ya ga zanen ya dace da ginin ɗaram. Amma ka dubi sharuɗɗan da aka gindaya kafin abin ya yiwu: ido ɗaya, kai ba ya motsi, kuma lokaci ya tsaya cak. Wannan hanya Turai ta bi kusan shekara ɗari biyar, har mutane suka ɗauka haka ido yake gani.

To, ba haka yake gani ba. Miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Tsakanin idanunka akwai tazarar wajen santimita shida, kowanne da hotonsa, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su. Yanzu ƙura wa farcen ido, ka gwada karanta wancan allon da ke jingine ba tare da ka ɗauke ido daga farcen ba. Ba za ka iya ba, domin wurin da ido ke gani tar bai wuce faɗin farcen nan da yawa ba, sauran duk dishi-dishi ne. Shi ya sa ido ba ya zama, yana ta tsalle sau da yawa cikin daƙiƙa guda, yana tsinto nan ya tsinto can. Ka tuna mai sayen rago a kara: ya dube shi ta gaba, ya zagaya baya, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya danna gadon baya. In ya koma gida aka ce yaya ragon yake, abin da ke cikin kansa tarin duk waɗannan ne a haɗe. Irin wannan sanin ne Braque da Picasso suka nemi ɗorawa a kan ƙyallen zane guda.

Wani mai zane Bafaranshe, Cézanne, shi ne ya share musu hanya. A zanensa na 'ya'yan itace a kan tebur, sai ka ga bakin tebur ya shige bayan ƙyalle ta hagu, ya ɓullo ta dama a wani tsayi daban, ko bakin tulu ya karkato gare ka alhali gindinsa na zaune daidai. Ya rasu a 1906, a 1907 aka yi babban baje kolin ayyukansa a Paris, matasan nan suka gani suka ɗora daga nan.

Sake buɗe wayar ka nemo zanen Braque na gogen Turawa da butar ruwa, wanda ya yi tsakanin 1909 da 1910, yana gidan adana zane na Basel a ƙasar Suwizalan. Tsayinsa ya ɗara mita ɗaya kaɗan. Fara daga kan gogen, wurin da katako ya naɗe kamar dodon koɗi. Ta gefe ya nuna shi, domin ta gefe ne naɗin ke fitowa sosai. Gangaro zuwa cikin gogen, ramukan nan biyu masu lanƙwasa da sauti ke fita ta ciki, su kuma ta gaba kake ganinsu. Kaurin jikin gogen, wanda mai tsayuwa a gaba ba zai gani ba, ya leƙo ta gefe. Tsirkiyoyin sun taho sun katse, sun ci gaba a ɗan goce. Kowane sashe an ɗauko shi ta fuskar da ta fi bayyana shi.

Abu biyu ne yara ba sa lura da su a zanen nan, kuma a nan aikin yake. Na farko, guntayen ba a rufe suke ba. Zai ja layi mai kaifi a gefe ɗaya na guntu, ya sa inuwa a jikinsa, sai ya bar ɗaya gefen a buɗe, launin ya zarce ya narke cikin bango ko tebur. Saboda haka idonka ba ya samun inda zai ce nan goge ya ƙare, nan bango ya fara, dole ya yi ta yawo. Na biyu, haske ba daga wuri guda yake zuwa ba. Wannan guntu an haska shi ta hagu, na kusa da shi ta dama, har ka rasa ko kusurwar ta turo waje ne ko ta lotsa ciki. Launi kuwa ya tsuke shi, toka-toka da ruwan ƙasa da ɗan abin da ke tsakaninsu, domin ja ko shuɗi mai ƙarfi zai fizgo guntu ɗaya gaba ya ɓata wannan wasa.

Sannan ɗaga ido can sama. Akwai ƙusa guda a kafe a bango, an zana ta tsaf a tsohon salo, har da inuwarta. Ni dai duk sanda na gan ta sai na yi murmushi. Amsar tambayarka ce ya ajiye a wurin, kuma tana ba mai kallo ma'auni: ga tsohuwar hanya, ga sabuwa, a kan ƙyalle ɗaya.

In kana so hannunka ya gane abin, ɗauko kofin shayi mai mariƙi ka ajiye a tebur. Wani mai zanen Kubizim, Jean Metzinger, ya yi irin wannan a 1911, a zanen wata mata mai shan shayi, inda ya raba kofin biyu, rabi ta gefe, rabi an leƙa daga sama. Yanki kwali uku ka yi zane uku da gawayi, kowanne bisa ƙa'idar da ka sani. Na farko ka miƙe tsaye ka leƙa daga sama, bakin kofin zai fito da'ira cikakkiya. Na biyu ka durƙusa idonka ya yi daidai da tebur, gindin zai zama miƙaƙƙen layi, gefuna biyu su tashi sama. Na uku ka juya inda mariƙin ya fi buɗewa. A kwali na huɗu sai ka haɗa: gindi da gefe ɗaya daga na biyu, rabin da'irar baki daga na farko, mariƙi daga na uku. Inda da'irar ta haɗu da gefen kofin ba za su dace ba, kuma kada ka tilasta musu. Ja layi ɗaya mai kaifi a wurin, ka sa inuwa a ɓangare guda, ka murza ta da yatsa har ta ɓace cikin tebur. Layin bakin teburin ma ka bar shi ya shiga bayan kofin a wani tsayi ya fito a wani. In ka koma fenti, fari da baƙi da ruwan ƙasa sun ishe ka.

Ɓarnar da aka fi yi ita ce mutum ya zana kofi daga wuri ɗaya kamar kullum, sannan ya ɗauki rula ya tsattsaga shi da layuka, ya cika kowane gida da launi. Wannan ado ne kawai aka yi wa tsohon zane. Gane shi ba wuya: ka share layukan a ranka, in kofin da ya rage daga wuri guda aka kalle shi, ba ka yi komai ba. A aikin gaske in ka cire layukan, sassan ba za su koma su zama hoto ɗaya ba, tunda daga wurare daban aka ɗebo su. Wata ɓarnar ita ce ka manta ka haska komai daga taga ɗaya, sai kofin ya fito kamar an sassaƙa shi daga icce, da nauyi, ido ya zauna a kansa ya daina yawo.

Akwai kuma haɗarin zarcewa, wanda su kansu masu abin suka kusa faɗawa. A 1910 Picasso ya zana Kahnweiler, dillalin da ke sayar da ayyukansu, zanen yana Chicago yanzu. Guntayen sun yi yawa har mutumin ya kusa ɓacewa, sai 'yan alamomi ke riƙe da shi: lanƙwasar gashin kai, sarƙar agogon aljihu, hannuwa biyu a sarƙe. Da waɗannan ne mai kallo ke kama zare ya gina sauran da kansa. Shi ya sa a 1911 Braque ya koma ga kayan aikin gidansu ya fara buga haruffa da sitensil a cikin zane, a 1912 kuma ya sayi takardar bango mai zanen katako ya yanka ya manna. Harafi da takarda shimfiɗaɗɗu ne, suna tsayar da ido, suna kuma gaya maka me ake nufi ba tare da an koma ga hujin Brunelleschi ba. A kofinka, mariƙin da lanƙwasar bakin su ne sarƙar agogonka. In ka gama, jingine kwalin ka ja baya taku biyar, ka kira wani yaron da bai san me kake yi ba. In ya ɗan yi jim sannan ya ce kofi ne, ka samu. In ya faɗa nan take, ba ka motsa daga wurinka ba. In kuwa ya rasa gaba ɗaya, ka cika fasawa, rage guntaye.

Kada ka ɗauka wai zanen nan kwafin gani ne sak. Babu wanda ya taɓa ɗaga ido ya ga goge a farfashe, ƙwaƙwalwa tana ɗinke guntayen kafin mu ankara. Abin da suka yi shi ne suka bar ɗinkin a waje, suka miƙa wa mai kallo aikin haɗawa, shi ya sa irin wannan zane yake cin lokaci kafin ya buɗe. Don haka bai dace da allon shago ba, wanda mai babur zai karanta yana wucewa. In mai kanti ya ce a zana masa kwalbar lemo, kwalba za ka zana masa daga wuri guda. Rufe ido da awo da fensir suna nan daram, domin kowane kwali cikin ukun farko da su za ka yi shi, kuma in da'irar bakin kofin ta karkace tun a nan, na huɗun ba zai gyaru ba. Gobe in mun gama allon mai kemis, akwai ragowar kwali a bayan ƙofa, ka zo da kofinka.