Saƙon "kayanka sun iso" ga babban kwastoma

"Ina kawo atamfa daga Kwatano, shagona yana Tawa. Na saba rubuta wa kwastomomi 'slm kayanka sun iso turo kudi'. Yanzu wani Alhaji mai babban shago a Yamai ya fara saye wurina. Yaya zan gyara saƙon ba tare da ya zama kamar takardar ofis ba?"

'Yar'uwa, kada ki cire gaisuwa, ita ce ke riƙe zumuncin. Rubuta ta cikakkiya, layi ɗaya, sannan ki shiga magana. Abin da ke sa saƙo ya yi nauyi a idon ɗan kasuwa shi ne ya samu adadi, kuɗi da rana ba sai ya sake tambaya ba. Ga misali:

"Assalamu alaikum Alhaji, ina kwana, ya kasuwa? Atamfar da kuka yi oda ta iso, turmi 20, kuɗinta jaka 240 na sefa. Idan kun tura kafin Laraba, zan sa ta a motar Alhamis in sha Allahu, in aiko muku hoton rasit. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Lura da "kun" maimakon "ka", girmamawa ce da ba ta sanyaya magana. "Turo kuɗi" kuwa umarni ne. "Idan kun tura" ya bar masa mutuncinsa, ranar Laraba kuma tana nan daram.

Ni dai ba na son "in sha Allahu" babu rana a gefensa, mai saye yana jin sa kamar an ce jira kawai.

Saƙon murya yana da daɗi wajen gaisuwa, amma farashi a rubuce za ki sa shi, don ranar da lissafi ya rikice ba mai bin murya goma yana neman adadi. Kuma ki haɗa komai a saƙo ɗaya, kada wayarsa ta yi ta ƙara yana tsakiyar ciniki.