Hasashen cinikin shinkafa na watan Yuli

Tambaya: Ina da shagon shinkafa a kasuwar Muda Lawal, Bauchi. Na sayar da buhu 120 a Afrilu, 135 a Mayu, 150 a Yuni. Yaya zan yi hasashen Yuli?

Alhaji, matsakaicin watannin nan uku buhu 135 ne, amma da yake cinikinka hauhawa yake yi, wannan lissafi zai riƙa zama a baya. Layin da ke bin alkiblar ciniki ya nuna ƙarin buhu 15 kowane wata, saboda haka Yuli zai ba da 165, kuma shi na fi amincewa da shi.

Sai dai ka rubuta sharuɗɗan kusa da adadin: farashi bai canza ba, kaya ba su yanke ba, kuma babu Sallah cikin watannin. Idan sayayyar Sallah ce ta ɗaga Yuni, 165 ya yi yawa, ka koma kusa da 135.