"Ai ƙwallo na fara taɓawa": dokar gasar unguwa ta mutum biyar-biyar

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu matasan unguwa ne, muna shirya gasar mutum biyar-biyar bayan Sallah, ƙungiyoyi takwas, rukuni biyu. Bara an karya wa yaro ƙafa, wanda ya karya shi ya ce ƙwallo ya fara taɓawa, aka tashi da doke-doke, ba a ma buga wasan ƙarshe ba. Mai unguwa ya ce sai mun kawo doka a rubuce. Me za mu rubuta a kan keta, ƙorafi, da kuma idan maki ya zo ɗaya? Wallahi ina tsoron a maimaita.

Amsa: Ɗan'uwa, mai unguwa ya yi muku gata. Takardar kada ta wuce shafi biyu, kuma kowane kyaftin ya sa hannu tun kafin a raba rukuni, domin dokar da aka fito da ita bayan an ga sakamako, kowa zai ce don shi aka yi ta.

Zan fara da wannan maganar ta taɓa ƙwallo, don na gaji da jin ta. Shekara da shekaru ina busa usur a filayen makarantu da na unguwa, kuma kusan duk yaron da na kora, abin da ya fara faɗa mini ke nan. Babu wurin da dokar ƙwallo ta ce wanda ya riga taɓa ƙwallo ya wanke kansa. Doka ta 12 yadda ka shiga take dubawa, kuma mataki uku ta yi. Idan ka shiga da sakaci, bugun tazara ne kawai. Idan ka shiga da ganganci, ba ka damu da abin da zai sami ɗan'uwanka ba, katin gargaɗi ne. Idan ka shiga da ƙarfin da ya wuce kima har ka jefa lafiyarsa cikin haɗari, jan kati ne. Kana iya taɓa ƙwallo tas, ƙafarka ta zarce ta sauka a ƙwaurin mutum, kuma korarka ta halatta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu yaɗa wannan magana manya ne, masu zama a gidan kallo suna yanke hukunci, har wani ya rantse maka cewa "FIFA ce ta faɗa". Sai a ɗauko irinsu a ba su usur saboda sun fi kowa murya. Yaro ya ga ɗan wasan Turai ya yi zamiya a kan ciyawar da aka jiƙa da ruwa, ya zo zai gwada a kan siminti ko ƙasar marmara. A ciyawa ƙafar wanda aka shiga tana iya gocewa. A busasshiyar ƙasa takan tsaya cak da nauyin jiki a kanta, sai idon sawu ko ƙwauri ya ɗauki bugun duka. Ga fili ƙarami, babu wurin kaucewa, yawancin yaran kuma ba abin kare ƙwauri gare su ba. Daga nan sai wani ɗan kallo ya zo ya kama ƙafar yana ja wai zai "mayar da ita", a ƙara ɓata abin da ya ɓaci.

Saboda haka ku rubuta shi ƙarara: an hana zamiya a kan abokin karawa, ko an taɓa ƙwallo ko ba a taɓa ba. Gola kaɗai aka yarda ya kwanta, a cikin da'irarsa, da hannu a gaba. Alƙali ya dubi abu uku: ƙafa biyu sun bar ƙasa, ƙasan takalmi ya nufi mutum, ko an zo ta baya. Ko ɗaya ya gani, jan kati. Ku ƙara layi guda: idan aka ji rauni, ba mai jan ƙafa, a ɗaure ta da katako yadda take a kai asibiti a ɗauki hoto.

Ku aro dokoki biyu daga futsal, wato ƙwallon mutum biyar-biyar ta cikin ɗakin wasa. Ta farko tara laifi: a can rabin wasa minti 20 ne, kuma daga laifi na shida na ƙungiya a rabi ɗaya, ana buga ƙwallo kai tsaye daga mita 10 ba tare da katanga ba. Idan rabinku minti 12 ne, ni zan sa shi daga na huɗu, a zaunar da mutum ɗaya a gefe da allo yana ƙirgawa kowa na gani. Ta biyu, wanda aka kora ba ya dawowa, ƙungiyarsa ta buga da mutum huɗu na minti 2 ko har a ci ta, sannan wani ya shiga. Ku ƙara da cewa ba zai buga wasa na gaba ba, wanda ya taɓa alƙali kuwa ya bar gasar.

Ƙorafi kashi biyu ne, kuma rashin raba su ke kawo faɗa. Abin da alƙali ya gani a fili, ko ƙwallo ta shiga, ko an yi keta, hukuncinsa ne na ƙarshe. Doka ta 5 ke nan, kuma bidiyon wayar wani ba ya sauya shi. Abin da kwamiti zai saurara shi ne sojan haya, ko wanda aka dakatar ya buga. Kyaftin kaɗai ke magana. Ya kawo ƙorafi a rubuce cikin minti 30 da tashi, da ɗan kuɗin ajiya da za a mayar masa idan ya yi gaskiya. Kwamitin mutum uku ne waɗanda ba su da ƙungiya a gasar, su yanke kafin wasa na gaba. Idan ba ku karɓi sunaye da hoton kowane ɗan wasa tun ranar rajista ba, wannan sashen ado ne kawai. Ƙungiyar da ta fice daga fili ko ta sa sojan haya, a rubuta an ci ta 3–0.

Sai maganar maki. A ce Ja ta ci Kore 1–0, ta yi 1–1 da Shuɗi, Fari ta ci ta 2–0. Kore kuma ta yi 2–2 da Fari, ta lallasa Shuɗi 9–0 a ranar ƙarshe. Fari ta ci Shuɗi, ta wuce da maki 7, Ja da Kore kowa 4. Idan rarar ƙwallaye ce a gaba, Kore ta wuce da rarar 8, Ja tana da giɓin 1. Idan karawar juna ce, Ja ta wuce. Duka biyun ana amfani da su a manyan gasa, amma a unguwa karawar juna nake sawa a gaba, don 'yan Kore da 'yan Shuɗi a shago ɗaya suke shan shayi. Kada ka ce ba za a yi ba: a 2013 a Bauchi an ga 79–0 da 67–0 a rana ɗaya wajen neman hawa aji, duk don tseren rarar ƙwallaye.

Jerin ya zama haka: maki, karawar juna, rarar ƙwallaye, yawan ƙwallayen da aka ci, ƙarancin kati, sannan fenariti. Idan uku ne suka yi daidai, a ware wasannin da suka yi tsakaninsu kaɗai a sake lissafi. Matakin kati ba wasa ba ne, da shi Japan ta fitar da Senegal a gasar duniya ta 2018, katin gargaɗi 4 da 6. Ƙuri'a kuwa ku bar ta. Gini ta wuce Mali da ita a kofin Afirka na 2015, amma a unguwa sai an ce an yi wa takardar asiri. Ku kira ƙungiyoyin biyu su buga fenariti uku-uku daga mita 6, in an yi kunnen doki a ci gaba ɗaya-ɗaya, a gaban mai unguwa.