Sunayen fayilolin da aka goge a NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows

Tambaya: Na goge takarduna a kwamfuta, amma manhajar dawo da fayil ta nuno sunayensu. Ina suka ɓuya?

Suna cikin `$MFT`, teburin da NTFS ke lissafa fayiloli a ciki, ɗan'uwa. Kowane fayil yana da gurbinsa a wannan teburi, yawanci bayit 1024, inda ake rubuta sunansa, foldar da yake ciki, da wuraren da bayanansa suke a faifai. In ka goge, Windows ba ta share gurbin, alamar "ana amfani" kawai take kashewa. Ƙaramin fayil ma, kamar na bayit 500, kacokan yake zaune cikin gurbin.

Sai dai ganin suna ba samun fayil ba ne. Sabon fayil na iya hawa wurin bayanan, ka dawo da takarda ta ƙi buɗewa. A faifai nau'in SSD kuwa, TRIM, umarnin da ke sanar da faifan wuraren da aka goge, kan sa a share bayanan a bar suna. Daina ajiye komai a faifan, ka dawo da su kan wani daban.