Ɗalibi a Birtaniya da fataucin zoɓo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaninka da ke karatu a Birtaniya zai iya haɗa manoman gida da masu saye a nan. Mu da muka daɗe a ƙasar, takardar zama muke fara dubawa kafin kaya. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin albashi, galibi awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana kasuwancin kai, har da karɓar la'ada. Wanda aka kama, bizarsa na iya tafiya. Saboda haka shekarun karatu na sanin kasuwa ne: ya zaga shagunan 'yan Afirka da na 'yan Karibiyan, ya ga irin ƙunshin da suke so da yawan abin da suke sayarwa a wata. Idan ya gama ya samu bizar masu kammala karatu, ita ta halatta masa sana'ar kansa.

Kayan da muke ba da shawara shi ne busasshen zoɓo, don ba ya saurin lalacewa kuma ba mu kaɗai ke shan sa ba. Kilishi kuwa a manta da shi, nama ne, a bakin iyaka za a ƙwace.

A gida, wanda zai aiko yana buƙatar rajistar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki da takardar lafiyar tsirrai. A nan kuma sai lambar EORI ta kwastan, da rajistar sana'ar abinci a ƙaramar hukuma kwana 28 kafin a fara.

Inda aka fi asara shi ne lissafi. A ce an sayi kilo 50 a Dawanau. Bayan an tsince yashi da kara da 'ya'ya, a ƙaddara kilo 45 ya rage, wato ƙunshi 450 na giram 100. To amma zoɓo ba shi da nauyi, cin wuri gare shi, kuma masu jirgin sama suna auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6000. Kwali mai 60 da 40 da 40 kilo 16 ke nan a wurinsu, ko da kilo 9 ne kawai a ciki. Wanda ya yanka farashi kan nauyin sikeli zai tarar kuɗin jirgi ya kusa ninkawa, riba ta tafi.

Sai danshi. Zoɓon da ya bushe sosai yana karyewa a hannu. Wanda ke lanƙwasa da saura. Idan aka rufe shi haka a leda, kafin ya iso ya yi baƙi yana warin fumfuna. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, kuma kada a fesa maganin ƙwari a rumbu. Irin wannan feshin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da waken Najeriya a 2015.

Kafin a aiko buhu, a turo kilo 2 mai shago ya gani, ya rubuta adadin da zai ɗauka da ranar biya.